An dawo mini da inbois sau biyu, me akantoci ke nema ne a jikinsa?

Auwalu Mai Sabulu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka saba kai wa kamfanoni kaya. Wani kamfani a nan Kano ya ba ni odar kayan tsafta: jarka 40 ta sabulun ruwa a kan N18,000 kowace, katan 30 na tishu a kan N12,000, sandar goge ƙasa guda 20 a kan N3,500, sai kuɗin mota N50,000 da muka yi da su. Gaba ɗaya N1,200,000. Na kai kaya, na rubuta inbois a littafina na kullum, mai kwafi biyu, na miƙa. Bayan mako biyu aka ce in zo in karɓa, wai bai cika ba. Na sake rubutawa, jiya kuma aka sake dawo da shi. Yaron da ke ofishin abin da yake cewa kawai "bai yi daidai da takardunmu ba". Kuɗin mutane ne a cikin kayan nan, wallahi abin ya dame ni.

Baban Halifa: Wa alaikumus salam. Auwalu, ja maka rai kawai suke yi. Haka suke yi idan babu kuɗi a ƙasa. Ka samu wanda ka sani a ciki ya yi maka magana, magana ta ƙare.

Hajiya Binta: Baban Halifa, akwai masu yin haka, ban musa ba. Amma aikina ke nan, ni nake duba irin waɗannan takardu kafin a biya, kuma yawancin waɗanda muke mayarwa ba don babu kuɗi ba ne. Auwalu ƙanena, kafin mu je ga haraji amsa mini abu uku. Sun ba ka takardar oda, wadda suke kira LPO? Mai kula da sito ya sa hannu a webil ɗinka, wato takardar shaidar kai kaya, ranar da ka sauke kaya? Kuma abin da ya rubuta ya karɓa daidai yake da abin da ka rubuta a inbois?

Auwalu Mai Sabulu: Hajiya, akwai LPO, akwai webil. Sai dai jarka biyu sun fashe a hanya, mai sito ya rubuta 38 ya sa hannu. Ni kuma na bar 40 a inbois saboda mun yi da shi zan kawo cikon daga baya.

Hajiya Binta: To ga matsalar nan. Ka gane, wanda zai biya ka bai taɓa ganin fuskarka ba, bai ga kayan ba, bai kuma san abin da kuka yi da mai sito a bakin ƙofa ba. Takardu uku ne a gabansa: odar da kamfani ya bayar, shaidar abin da sito ya karɓa, da inbois ɗinka. Yana jera su ne yana bi layi-layi. Oda ta ce 40, sito ya ce 38, kai ka ce 40. Idan ya biya ka kuɗin 40, ranar da masu binciken kuɗi suka zo shi za a tambaya ina jarka biyu, ba kai ba. Don haka ba zai biya ba, kuma sau da yawa ba zai tsaya yi maka bayani ba, zai tura yaro ne ya mayar maka.

Hanya biyu ce. Ko ka kai cikon jarka biyun yanzu da sabon webil, mai sito ya sa hannu, sai ka haɗa webil biyun da inbois na 40. Ko kuma ka rubuta inbois na 38 a biya ka, idan ka kai biyun ka yi musu nasu daban, da lambar LPO ɗin nan dai. Ni da za ka bi tawa, ka kai cikon gobe. Jarka biyu N36,000 ne, bai kamata su tsare maka miliyan ɗaya da wani abu ba.

Ummu Sadik: Allah Ya saka da alheri Hajiya. Ni tambayata, ba rasit ne inbois ba? Ni abinci nake kai wa wani ofis, rasit kawai nake ba su kuma suna biya.

Malam Isuhu: Ummu Sadik, rasit bayan an biya ki ake bayarwa, shaida ce cewa kuɗi ya shigo hannunki. Inbois kafin biya ne, kina cewa ga abin da na kawo, ga abin da nake bin ku. Ki yi hattara da ba da rasit kafin kuɗi ya shigo. Idan rigima ta taso, takardar da ke hannunsu tana cewa an biya ki ne, kuma da sa hannunki.

Auwalu Mai Sabulu: Hajiya, cikon zan kai in sha Allahu. Amma tunda zan sake rubutawa karo na uku, don Allah ki faɗa mini duk abin da ya kamata ya fito a jiki, kada in sake komawa.

Hajiya Binta: Bari in bi maka shi daga sama zuwa ƙasa kamar yadda idona yake bi.

A sama sunan kasuwancinka, daidai yadda yake a takardar CAC, hukumar rajistar kasuwanci, harafi da harafi, da lambar rajista: BN idan sunan kasuwanci ka yi wa rajista, RC idan kamfani ne. Sai adireshi da lambar waya, sai lambar TIN, wato lambarka ta mai biyan haraji. Daga nan sunan wanda kake bi. A nan mutane da yawa suke faɗuwa, domin sukan rubuta sunan da ke jikin allon ƙofa ko sunan manajan da ya ba su oda. Ka kwafo sunan da ke kan LPO ɗin. Wani lokaci kamfani biyu ne a gini ɗaya, mai su ɗaya, amma asusunsu daban, kuma inbois da aka rubuta wa ɗaya, ɗayan ba zai iya biya ba.

Sai lambar inbois da kwanan wata. Lambar ta riƙa bin juna, kuma kada ka taɓa maimaita ta. Tunda an dawo maka da biyu, ka ja layi a kansu ka rubuta an soke, ka bar su a cikin littafin, kada ka yage. Sabon ya ɗauki sabuwar lamba. Kusa da ita ka sa lambar LPO da lambar webil. Waɗannan biyun su ne suke sa akanta ya gano fayil ɗinka cikin minti ɗaya. Idan babu su, takardarka gefe take komawa sai ya samu sarari.

Wajen kaya kuma, kada ka rubuta "kayan tsafta, N1,200,000" a dunƙule. Kowane kaya da layinsa: sunansa kamar yadda LPO ta kira shi, girmansa, adadi, farashin guda, da jimla. Idan oda ta ce jarka mai lita 25, kai ma ka rubuta mai lita 25. Kuɗin mota ma layinsa daban, kuma ka tabbata yana cikin LPO ɗin. Idan da baki kuka yi shi, shi ma zai iya tsare ka kamar jarka biyun nan.

Can ƙasa sai sunan banki, sunan asusu da lambarsa mai lamba goma. Sunan asusun ya zama na kasuwancin da ke saman takardar. Inbois da sunan kasuwanci, asusu kuma da sunan matarka ko na yaron shago, ni dai ba na biya, domin irin hanyar da 'yan damfara suke bi ke nan. Sai sa hannu da hatimi.

Baban Halifa: Duk wannan daidai ne. Amma maganar haraji mai sauƙi ce Auwalu. Ka ɗora 7.5 na VAT, ka ɗora 5 na WHT, harajin da suke yanka kafin su biya ka, a kai, duk abin da suka yanka a jikinsu ya fita, kai ka tashi da kuɗinka cif. Haka nake yi shekara da shekaru.

Hajiya Binta: Yaya, rabin maganarka gaskiya ne, rabin kuma zai sa a dawo masa da takarda karo na uku. VAT lallai ɗora shi ake yi, kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, domin mai saye ne yake biyansa, mai kaya karɓa kawai yake yi ya miƙa wa gwamnati. WHT ba haka yake ba. Shi harajin Auwalu ne na kansa, na kuɗin shigarsa, kamfanin yana cire wani kaso ne tun daga tushe ya kai wa hukuma da sunansa. Ba a ɗora shi a inbois a matsayin ƙari. Kuma kashi 5 da ka ambata tsohon lissafi ne. Ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025 ta mayar da na kai kaya kashi 2. Kashi 5 yana nan ga masu aikin ƙwarewa irin ba da shawara.

Ga yadda ƙasan takardar Auwalu zai kasance idan ya cika jarka 40:

```
Sabulun ruwa   40 x 18,000 =   720,000
Tishu          30 x 12,000 =   360,000
Sandar goge    20 x  3,500 =    70,000
Kuɗin mota                      50,000
Jimla kafin VAT              1,200,000
VAT 7.5%                        90,000
Abin biya                    1,290,000
```

A nan inbois ya tsaya. Su kuma za su cire kashi 2 daga N1,200,000, ba daga N1,290,000 ba, domin ba a yanka haraji a kan VAT. N24,000 ke nan. Alat ɗin da zai shigo maka N1,266,000 ne. Daga ciki N90,000 ba naka ba ne, amana ce.

Auwalu Mai Sabulu: To Hajiya wannan N24,000 ɗin ya tafi ke nan?

Hajiya Binta: Bai tafi ba idan ka bi sawunsa. Ka nemi shaidar cirewar daga wajensu, mai ɗauke da sunanka da TIN ɗinka da adadin. Idan ka zo biyan harajinka na shekara za a rage maka shi. Idan sunan kasuwanci gare ka ba kamfani ba, naka hukumar harajin jiha ake kai wa, wato ta Kano. Na kamfanoni masu RC shi ne yake zuwa tarayya. Wannan ma dalili ne na sa TIN a inbois, domin idan babu shi ƙa'idar ta ce a ninka, kashi 4 ke nan, N48,000, kuma kuɗin ba shi da sunan da za a rubuta shi a kai.

Malam Isuhu: Hajiya ina da ja a nan. Kin wuce wata tambaya da ya kamata a fara yi: shin Auwalu ma ya isa karɓar VAT? A sanina wanda cinikinsa na shekara bai kai miliyan 25 ba, ba a ɗora masa wannan nauyi ba.

Hajiya Binta: Gaskiyarka Malam, iyakar da dokar kuɗi ta 2019 ta sa ke nan. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026, sun ɗaga iyakar ƙananan 'yan kasuwa sama da haka, su ne kuma suka mayar da hukumar harajin tarayya, FIRS, ta zama NRS. Kason VAT ɗin dai bai canja ba. Auwalu, kai a ina kake?

Auwalu Mai Sabulu: Na yi rajista tun lokacin da ciniki ya haura miliyan 25 ɗin, akwai wani akawu da yake shigar mini da rahoto duk wata.

Hajiya Binta: To ka je ofishin harajin da fayil ɗinka yake, kai da akawun, su faɗa maka matsayinka a sabon tsari, a rubuce. Kafin nan ka ci gaba yadda kake, abin da ka karɓa a wata ka shigar da shi kafin 21 ga watan da ke biye ya wuce. Abin da nake jin tsoro shi ne mutum ya rubuta VAT a inbois don ya ga wasu suna yi, ya karɓa ya zuba a jari. Takardar tana nan a fayil ɗin kamfanin da TIN ɗinsa a jiki, kamfanin kuma zai nuna wa hukuma cewa ya biya. Ranar da aka bi sawu, da kuɗin da tara duk a kansa. Wanda ba ya cikin masu karɓa, ya bar layin kwata-kwata, ya tsaya a N1,200,000.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar abin ya fi naku nauyi, TVA, wato VAT ɗinmu, kashi 19 ne. Lambar NIF da ta RCCM su ne madadin TIN da CAC ɗinku. Amma maganar Hajiya ta takardu uku ɗaya ce sak, mu ma idan shaidar sauke kaya ba ta yi daidai da faktir, wato inbois, ba, ba a biya.

Ummu Sadik: Ni fa abinci nake kaiwa, na ji an ce babu VAT a abinci.

Malam Isuhu: Kayan abinci na yau da kullum kamar shinkafa, gero, masara, wake, su ne ba a ɗora wa. Dafaffen abinci da kike kai wa ofis a matsayin hidima wani babi ne daban, kada ki haɗa su. Amma ke ma ki fara duba girman cinikinki, wataƙila maganar ba ta ma zo kanki ba.

Baban Halifa: Na karɓi gyara a kan WHT. Amma akwai wani tarko da ba ku faɗa ba, wanda ya taɓa cin ribata gaba ɗaya. Ka ba da farashi, a rubuta LPO, sai ka kawo inbois da VAT a ce maka ai farashin har da VAT a ciki. Auwalu ka duba LPO ɗinka da kyau. Idan haka ne sai ka cire 7.5 daga N1,200,000, N90,000 ke nan daga aljihunka.

Hajiya Binta: Wannan tarkon gaskiya ne, na gode da ka kawo shi. Sai dai lissafin ba haka ake yi ba. Idan N1,200,000 har da VAT a ciki, rabawa ake yi da 1.075, ba cirewa ba. Ga masu amfani da Excel, idan jimlar tana A1:

```
=ROUND(A1/1.075,2)
```

Zai ba ka N1,116,279.07 kuɗin kaya, VAT kuma N83,720.93. Idan ka cire N90,000 ka ba gwamnati fiye da haƙƙinta da sama da dubu shida, kuma layukan ba za su haɗu ba idan akanta ya buga. Maganin abin tun a kwateshan ne: ka rubuta ƙarara cewa farashin nan ban da VAT, ko har da shi. Layi ɗaya ne na rubutu, amma shi ne bambancin dubu tamanin da wani abu a wannan odar kaɗai.

Auwalu Mai Sabulu: Na duba yanzu, alhamdu lillahi LPO ɗin ta ware VAT a layinsa, jimla N1,290,000. Saura maganar lokacin biya. Da baki suka ce kwana talatin. Yau kwana talatin da biyar da sauke kaya.

Hajiya Binta: Kwana talatin daga yaushe? Nan ne rigimar take. Kai kana ƙirgawa daga ranar da mota ta sauke kaya. Su suna ƙirgawa daga ranar da ingantaccen inbois ya shiga ofishin kuɗi, kuma a wajensu har yau bai shiga ba. Wato a lissafinsu ko kwana ɗaya ba a ci ba. Wasu ma biya suke yi sau ɗaya a wata, wanda ya kuskure ranar sai wata mai zuwa.

Saboda haka kada ka rubuta "kwana 30" kawai. Ka rubuta kwana 30 daga ranar inbois, ka kuma sa ainihin ranar da wa'adin zai cika. Ka tafi da kwafi biyu, wanda ya karɓa ya buga hatimi a naka, ya sa hannu da kwanan wata. Ka tambaye shi ranar da suke rufe karɓar takardun wata. Sai dai ka sani, abin da ka rubuta a inbois ba ya rushe abin da ke LPO. Idan ita ta ce kwana 45 kuma ka karɓa ka kai kaya, kwana 45 ɗin ne. A wannan karon tunda kaya sun daɗe a hannunsu, ka roƙi shugaban sashen kuɗi ya sa ka a biyan da ke tafe, ka nuna masa ranar da ke webil na farko.

Baban Halifa: Ka ƙara da cewa duk watan da aka yi jinkiri akwai ƙarin kashi 3. Da sun ga haka za su yi sauri.

Malam Isuhu: A'a Baban Halifa, wannan ni ba zan ba ɗan'uwa shawararsa ba. Kuɗin kaya ya riga ya zama bashi a kansu, ƙari a kan bashi saboda jinkiri kuwa riba ce. Ya nemi wata hanya. Ya ce a ba shi rabi kafin ya ɗauko kaya, ko ya raba oda gida biyu, ba zai kai na biyu ba sai an biya na farko. Ko tun wajen ba da farashi ya bambanta na kuɗi hannu da na kwana talatin, a tsaya a kan ɗaya kafin a ƙulla ciniki.

Baban Halifa: Malam, kuɗin da ya kwana wata uku a hannun wani, jarkar N18,000 ta koma N21,000 a kasuwa, wa zai ɗauki asarar? Babban kamfani yana juya kuɗin ƙaramin ɗan kasuwa kyauta, shi wannan ba zalunci ba ne?

Malam Isuhu: Zalunci ne, jinkirin mai hali zalunci ne, ban ce ba. Amma ba a gyara shi da abin da ya haramta.

Hajiya Binta: Hukuncin na bar wa malamai. Ta fuskar aiki dai, ƙarin da ba ya cikin LPO ko yarjejeniya ba na iya biyansa ko an rubuta shi da jan biro, domin ba ni da takardar da zan jingina shi da ita. Wanda ya karɓi rabi tun farko kuma, ya nuna shi a inbois na ƙarshe: cikakkiyar jimla da VAT ɗinta, sai layin abin da aka riga aka biya da ranarsa, sai ragowar. Kada ya rubuta ragowar kaɗai, lissafin haraji zai karkace.

Auwalu Mai Sabulu: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Abu ɗaya ya rage. Sabulun nan ni nake haɗa shi da yarana, ba saro shi nake yi ba. Akawuna ya taɓa ce mini wanda ya ƙera kaya da kansa ba a cire masa WHT. Haka ne?

Hajiya Binta: Ƙa'idar ta keɓe kayan da mai kawowa ya sarrafa da kansa, wannan haka yake. Idan suka yarda, layin sabulu na N720,000 ya fita, kashi 2 ya hau kan sauran N480,000 kaɗai, N9,600 maimakon N24,000. Amma akanta zai nemi abin da zai riƙe a fayil. Takardar CAC ɗinka ta nuna sarrafa sabulu cikin ayyukanka? Kana da rajistar NAFDAC da sunanka a jikin jarkar?

Auwalu Mai Sabulu: CAC ɗin saye da sayarwa kawai ta ce. Ta NAFDAC kuma ana kan yi.

Hajiya Binta: To ni a teburina zan cire, in ba ka shaidarka. Wani akantan zai iya ganin abin daban. Kada ka tayar da maganar a wannan inbois ɗin, N14,400 ne tsakani kuma ba ɓacewa zai yi ba. Ka bari kuɗinka ya fito, idan takardun sun kammala ka kai musu kwafi kafin oda ta gaba.

Baban Halifa: Ni fa har yanzu ina nan a kan bakana, ka samu wanda ka sani a ciki. Takarda ta yi kyau, amma wani ne zai ɗauke ta daga wannan tebur zuwa wancan.

Ummu Sadik: Hajiya don Allah idan kin samu sarari ki duba mini nawa, zan turo hoton littafin. Babu lamba a jikin shafukan ko ɗaya, da biro zan fara sawa ko sai na buga sabo?